Turancin Likitan Indiya da Kunnen Bahaushe

Duk wanda ya taɓa rakiyar maras lafiya zuwa Indiya, ko ya tura ɗansa karatu can, ya san wannan ƙorafin: "Wallahi Turancinsu ba ya jiyuwa." Sau da yawa mai faɗin haka ba ƙaramin ɗan boko ba ne. Yana da digiri, yana rubuta wasiƙar ofis ba a yi masa gyara, yana sauraron labaran Turanci na BBC ya gane tsaf. Amma da likita a Delhi ko Chennai ya buɗe baki, sai ya tsinci kalma ɗaya, uku su wuce shi, yana ta gyaɗa kai don kada a ce bai gane ba. A asibiti kuwa gyaɗa kan kunya abu ne mai hatsari, domin ana maganar yawan ƙwayar da za a sha ne, da ranar tiyata, da kuɗin da za a biya.

Idan irin wannan mutum ya dawo gida, ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya ɗora laifin a kan Indiyawa, ya ce ba su iya Turanci ba, ko ya karaya ya ce ashe nasa Turancin ne bai kai ba. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Abin da ya same shi rashin sabo ne, kuma sabon kunne abu ne da ake iya samarwa da gangan, mataki bayan mataki, tun kafin a hau jirgi. Shawarar da aka saba bayarwa, wai "ka yi ta kallon finafinan Turanci, za ka saba", ita ce nake ganin ta fi ɓata wa mutane lokaci, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara da abin da muka sani a gida. Bakano da ya fara sauka Sakkwato yakan ɗan yi jim idan aka yi masa magana da sauri. Yana jiran ya ji "fari" sai ya ji "hwari", yana jiran "biyar" sai ya ji "biyat". Ba ya buƙatar ƙamus. Da zarar kunnensa ya gano cewa inda shi yake sa "fa" su "hwa" suke sawa, sai ɗaruruwan kalmomi su buɗe masa a lokaci guda: hwara, hwata, hwaɗi. Bai haddace su ɗaya bayan ɗaya ba, ƙa'ida ɗaya ya kama. Haka lafazin Turancin kowace ƙasa yake. Bambancin ba a warwatse yake ba, yana da tsari, kuma ƙa'idojin da ke hana mutum ganewa ba su cika wuce huɗu ko biyar ba.

Ga na Indiya. Abu na farko shi ne harafin V da harafin W. Yawancin Indiyawa sauti ɗaya suke yi wa dukansu, wani sauti da ke tsakanin biyun, wanda kunnenmu ke ɗauka a matsayin "wa". Mu kuma da yake babu V a Hausa, da "ba" muka saba maye gurbinta. To, ka ga inda rikicin yake. Kalmar jijiya da Turanci, Bahaushe yana jiran ya ji wani abu kamar "ben", sai nas ta ce masa "wen", shi kuwa a wurinsa "wen" tambaya ce, wato yaushe. Ana neman jijiyar da za a sa ruwa, shi yana ƙoƙarin tuna ranar da ciwon ya fara. Kalmar amai ma haka, "womitin" zai ji.

Na biyu shi ne sautin da ake rubutawa da TH. Bature yana sa harshe tsakanin haƙora ya busa. Bahaushe yakan mayar da shi "sa" ko "za", shi ya sa godiyarmu take fita "sankyu". Ba'indiye kuwa "ta" yake yi mai ɗauke da huci, ya ce "tankyu", ɗaya sautin kuma ya mayar da shi "da". Na uku, ainihin T da D nasu suna fitowa ne da harshe a lanƙwashe baya, yana taɓa ganɗa, kusan yadda muke lanƙwasa shi a farkon "ruwa" da "rana". Wannan ne ke ba Turancinsu nauyin nan da kowa ke gane shi da shi, kuma D ɗinsu kan yi wa kunnenmu kama da "ɗa", ko da yake ba ita ba ce. Na huɗu, wanda ya fi wuyar kamawa, shi ne inda suke ɗora nauyi a cikin kalma. Gaɓar da Bature ke dannawa, su wani lokaci wata daban suke dannawa, sai kalmar da ka sani sarai ta zo maka a baƙuwar kama, ka kasa gane inda ta fara da inda ta ƙare. Mutane kan ce Indiyawa sauri suke yi. Sau da yawa ba saurin ba ne, kunne ne ya kasa yanka maganar zuwa kalmomi.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani tun farko: Indiya ba lafazi ɗaya gare ta ba. Wanda ya tashi da Hindi a arewa daban, wanda ya tashi da Tamil ko Malayalam a kudu daban. Wasu mutanen kudu kan sa "ya" a gaban sunan harafi, M ta koma "yem", N ta koma "yen". Saboda haka hoton nan na MRI zai iya zuwa maka a matsayin "yem-ar-ai". Wasu mutanen arewa kuma kan sa "i" a gaban kalmar da ta fara da S da wani baƙi, makaranta ta koma "iskul". Kada mu yi dariya, mu ma wasali muke cusawa, a tsakiya kawai muke sa namu, shi ya sa muke da sukurudireba. Wanda zai je Chennai, muryoyin kudu ya kamata ya nema, ba na Delhi kaɗai ba.

Sanin waɗannan ƙa'idoji a takarda yana taimakawa, amma bai isa ba, domin magana ba ta jiran mutum ya yi tunani. Kunne ne zai koya da kansa, kuma masana sun daɗe suna nazarin yadda yake koyo. A 2004, Constance Clarke da Merrill Garrett sun gwada Amurkawa da Turancin mutanen da harshensu na asali Sifaniyanci ne ko Sinanci. Da farko masu sauraro sun yi jinkiri wajen gane kalmomi, amma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba jinkirin ya gushe. Wannan albishir ne, sai dai a lura, waɗanda aka gwada ɗin da Turanci aka haife su, kuma da murya ɗaya suka saba. Mu da muka koye shi a aji muna buƙatar lokaci fiye da haka.

Binciken da ya fi kusa da halinmu shi ne na Holger Mitterer da James McQueen a 2009, domin mutanen Holan suka gwada, waɗanda Turanci harshe na biyu ne a wurinsu. Sun nuna musu bidiyo na kimanin minti 25, wasu da Turancin Sukotlan, wasu da na Ostareliya. Wasu sun kalla da rubutun Turanci a ƙasan allo, wasu da fassara cikin harshensu, wasu babu rubutu ko kaɗan. Bayan haka aka kunna musu guntayen magana aka ce su maimaita, ciki har da waɗanda ba su ji a bidiyon ba. Masu rubutun Turanci sun fi kowa gane sababbin guntayen. Masu fassara kuwa, a sababbin guntaye ba su kai ko waɗanda suka kalla babu rubutu ba. Dalilin a fili yake. Kunne yana gyara lissafinsa ne a daidai lokacin da ya san wace kalma ake faɗa. Idan ka ji "wen" idonka kuma ya ga kalmar jijiya a rubuce da V ɗinta, nan take ƙwaƙwalwa ta ɗaure sautin da harafin. Fassara tana ba ka ma'ana ne kawai, ta janye hankalinka daga sautin. Shi ya sa mutum zai shekara goma yana kallon fim da fassara kunnensa bai ƙaru da komai ba. Balle finafinan Indiya da muka tashi da su, waɗanda da Hindi ake yin yawancinsu, yanzu ma an mayar da muryoyin Hausa.

Sai batu na biyu, wanda mutane suka fi yin sakaci da shi. A 2008, Ann Bradlow ta jami'ar Northwestern da Tessa Bent sun horar da masu sauraro da Turancin Sinawa. Wasu an ba su mai magana ɗaya, wasu an ba su mutum biyar daban-daban, sannan aka gwada kowa da muryar wani Basine da ba su taɓa ji ba. Waɗanda suka saba da mutum ɗaya ba su amfana sosai ba da aka sauya musu murya. Waɗanda suka ji biyar kuwa sun gane baƙuwar muryar kamar da ita aka horar da su. Wanda ya saurari mutum ɗaya ya koyi mutumin ne. Sai an ji mutane da dama kafin kunne ya rarrabe abin da yake ɗabi'ar bakin mutum ɗaya da abin da yake ƙa'idar lafazin ƙasarsu. Wannan ya bayyana abin da ɗalibai ke faɗa, cewa suna gane malamin ajinsu tsaf amma da sun shiga kanti ko banki sai a koma gidan jiya.

Yanzu mu ɗauka kai ne za ka raka mahaifinka aikin ƙoda a Chennai, kuma saura mako shida. Ga yadda ni zan ba ka shawara ka kashe su. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a rana sun isa, kuma sun fi awa uku ranar Lahadi, domin sauraron baƙon lafazi yana gajiyar da kai, kuma da gajiya ta shigo hankali ya tafi.

Makon farko, ka fara da abin da ka riga ka san kalmominsa. Akwai wata taska a intanet mai suna Speech Accent Archive, ta jami'ar George Mason a Amurka, inda mutane daga ƙasashe masu yawa suka karanta gajeren sakin layi iri ɗaya, kuma an jera su bisa harshensu na asali. Ka karanta sakin layin har ka san shi, sannan ka nemi masu Tamil, da Malayalam, da Hindi, ka saurari mutum uku ko huɗu a zama ɗaya. Da yake ka san abin da za su faɗa, hankalinka duka zai koma kan yadda suke faɗarsa. A nan ne za ka ji ƙa'idojin nan huɗu da kunnenka, ba a takarda ba.

Mako na biyu da na uku, ka koma kan masu karanta labarai da Turanci a gidajen rediyo da talbijin na Indiya, da likitocin Indiya masu bayanin cututtuka a YouTube. Ka zaɓi likitocin ƙoda, tun da kalmominsu za ka tarar a can. Kada ka ɗauki bidiyo guda ka kalle shi har ƙarshe. Minti ɗaya za ka yanka, ka bi shi sau uku. Karo na farko babu rubutu, ka lura da wuraren da ka ɓace. Karo na biyu ka danna `CC` rubutun Turanci ya fito, ka tsaya a kan waɗannan wuraren, ka ga wace kalma ce ta kuɓuce maka, ka kuma tambayi kanka wace ƙa'ida ce ta ɓoye ta. Karo na uku ka kashe rubutun ka sake ji. Wannan karo na ukun shi ne aikin, kuma shi mutane ke tsallakewa. Wanda ya bar rubutu a kunne kullum karatu yake yi, ba sauraro ba, likita kuwa ba ya yawo da rubutu a ƙirjinsa. Ka fifita bidiyon da mutum ne ya rubuta masa rubutun da hannu, domin wanda ke fitowa da kansa yakan yi kuskure a daidai kalmomin da kai ma suke ba ka wuya. Idan sauri ya yi yawa, ka rage shi zuwa `0.75` a karo na biyu kawai. Ƙasa da haka sautin yakan lalace, kuma wanda ya saba da ragaggen sauri zai sha mamaki ranar da ya haɗu da mutum ido da ido.

Mako na huɗu da na biyar, ka sauka daga maganar da aka shirya zuwa hira: tambaya da amsa tsakanin likita da ɗan jarida, hira da mutanen titi, muhawarar da mutum biyu ko uku ke katse juna. Mata da maza, tsofaffi da matasa, kuma kowace rana a sami sabuwar murya aƙalla ɗaya. Mako na ƙarshe ka kife wayar ka saurara ba ka kallo, domin ido yana taimakon kunne da motsin leɓe fiye da yadda muke zato, nas kuwa da takunkumi a fuska za ta yi maka magana, direban asibiti kuma ta waya zai kira ka. Ka gwada sauraro a inda ake hayaniya ma.

Ta yaya za ka san kana ci gaba? Ba da jin cewa "yanzu ina ganewa" ba, domin muryar da ka maimaita sau goma dole ka gane ta. Ƙarshen kowane mako ka nemo muryar da ba ka taɓa ji ba, ka kunna daƙiƙa talatin sau ɗaya tak, ka rubuta abin da ka ji kalma da kalma, sannan ka kwatanta da rubutun. Idan kana samun tara cikin goma, abin ya yi maka sauƙi, ka hau mataki na gaba. Idan rabi ma ba ka samu, ka yi tsalle da wuri, ka koma baya, domin kunne ba ya koyon komai daga maganar da bai tsinci isassun kalmomi a cikinta ba. Wurin koyo yana tsakani, inda kake gane yawanci amma wasu na zillewa. Ka kuma duba irin kuskuren da kake yi. Idan kalmar da ta kuɓuce maka ka san ta da zarar ka gan ta a rubuce, matsalar kunne ce, sauraro zai magance ta. Idan ka gan ta a rubuce ma ba ka san ta ba, ba lafazi ne ya kayar da kai ba, ƙamus kake buƙata.

Wannan rarrabewar tana da muhimmanci a Indiya musamman, saboda lissafin kuɗi. Ba sa ƙirga da miliyan. Suna da "lak", wato 100,000, da "kuror", wato miliyan goma, kuma waƙafin lambobinsu ma daban yake: lak biyu da rabi ana rubuta shi 2,50,000. Ko ka shekara kana horar da kunne, idan ba a gaya maka wannan ba, ba za ka gane takardar kuɗin asibiti ba. Haka kuma akwai inda bai kamata a dogara da kunne ba ko da ya ƙware. Sha biyar da hamsin, sha uku da talatin, a Turanci wutsiyar kalma ce kawai ta raba su, kuma nauyin gaɓa da Bature ke bambanta su da shi ba kullum yake zuwa inda ka saba ba. Duk abin da ya shafi yawan magani, kwanan wata ko kuɗi, ka miƙa biro da takarda a rubuta maka. Babu abin kunya a ciki.

Ga wanda ba Indiya kaɗai ya nufa ba, ɗan kasuwa ko mai shirin jarrabawar IELTS, wadda ɓangaren sauraronta ke kawo muryoyin Birtaniya da Ostareliya da Niyu Zilan da Arewacin Amurka, kuma sau ɗaya ake kunnawa, hanyar ita ce dai wannan, lafazi ɗaya bayan ɗaya. Kalmar ruwa kaɗai ta isa misali. Mai karanta labarai a Landan zai ce "wota". Ba'amurke zai kaɗa harshe ya ce wani abu kamar "warar". Mutumin Glasgow da yaran Landan da yawa za su haɗiye T ɗin su tsayar da numfashi a maƙogwaro, irin tsayawar da muke yi a tsakiyar "sa'a", ka ga wannan sautin muna da shi tuni, sanin inda suke sa shi ne ya rage. Akwai kuma ribar da ke zuwa daga baya. A 2013 Melissa Baese-Berk tare da Bradlow da Beverly Wright sun nuna cewa waɗanda aka horar da lafazin ƙasashe biyar mabambanta sun fi iya gane wani lafazi na shida da ba su taɓa ji ba. Wato kunnen da ya sha sauya lissafi yakan daina dagewa a kan cewa hanya ɗaya ce kawai ake faɗin kalma. Sai dai ban ba mai koyo shawarar ya haɗa biyar a rana ɗaya tun daga farko ba. Ya kama ɗaya da kyau, na biyu zai zo masa da sauƙi.

Wani zai ce, me ya sa mu za mu wahala, su ba za su gyara bakinsu ba? Amsar ita ce su ma haka suke faɗa game da mu. Likitan da ya ji an kira takarda "fefa" an kuma kira fanka "pan" shi ma yana fama. Masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda aka haifa da shi yawa nesa ba kusa ba, kuma Bahaushen yau ya fi yiwuwa ya yi Turanci da Ba'indiye, ko Basine a Guangzhou, ko nas 'yar Filifin a Jidda, fiye da ya yi da mutumin Oxford.

A nan ne nake ganin makarantunmu suka gaza. Muna koyar da furuci kamar Turanci iri ɗaya ne a duniya, kuma a jarrabawar WAEC a Nijeriya, takardar gwajin furuci a rubuce ake amsa ta: ɗalibi ya zaɓi amsa ba tare da an kunna masa muryar kowa ba. Yaro zai iya cinye ta alhali bai taɓa sauraron Turancin wani wanda ba ɗan ƙasarsa ba na minti biyar a jere. Gyaran ba ya jiran gwamnati ko ɗakin na'urori. Malamin Turanci mai waya da ƙaramar sifika zai iya ware minti goma sau biyu a mako, ya ɗauki lafazi ɗaya a kowane zango, ya kunna minti ɗaya sau uku kamar yadda na bayyana, ya sa yara su rubuta abin da suka ji. Malamanmu na sakandare da na kwalejojin koyon aikin jinya, ku gwada wannan a zangon da ke tafe, ku fara da Indiya.